Biliyan a Katabu, Miliyar a Maraɗi: Yadda Lamba Ɗaya Ta Sami Suna Biyu

A watan Oktoban 2023, da yamma bayan sallar magariba, ina zaune a teburin wani mai shayi a Katabu, daf da Mararraban Jos a kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Mai shayin dattijo ne mutumin yankin Maraɗi, kuma rediyonsa ba ya rabo da labarin gida. A lokacin ana ta maganar cewa gwamnatin mulkin soja ta Nijar, wadda ta karɓi mulki a ƙarshen Yulin wannan shekara, ta zabtare kasafin kuɗin ƙasar da kusan kashi 40 cikin ɗari saboda takunkumi da yankewar tallafin waje. Sai na ce masa, a matsayina na wanda ya karanta labarin a wayarsa, an rage kasafin daga sefa tiriliyan uku da ɗoriya zuwa ƙasa da tiriliyan biyu.

Ya ajiye butarsa ya dube ni. "Malam, wane irin tiriliyan kuma? Miliyar dubu uku da wani abu ne, aka mayar da shi miliyar dubu biyu ba kaɗan."

Na ce, "Baba, ai biliyan kake nufi."

Ya ce, "Mu dai miliyar muka sani."

Wani direban tirela da ke gefe ya yanke mana hukunci da cewa duk ɗaya ne, kuɗi ne malala gashin tunkiya waɗanda babu mai ganinsu a cikinmu. Aka yi dariya. Amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin da ni da dattijon duk gaskiya muka faɗa, da harshe ɗaya muke magana, kuma ba mu fahimci juna ba. Jaridun Ingilishi sun rubuta tiriliyan 3.29 da tiriliyan 1.98. Na Faransanci sun rubuta miliyar 3,291 da miliyar 1,981. Lamba ɗaya ce. Sunanta ne ya rabu biyu a kan iyaka, kuma rabuwar tana da tarihin da ya girmi iyakar da ɗaruruwan shekaru.

Kafin zuwan miliyan

Hausawa ba su jira Turawa ba kafin su iya lissafin manyan lambobi. Kuɗin ƙasar Hausa a ƙarni na 19 wuri ne, kuma wuri ɗaya ba ya sayen abin kirki, don haka ko cinikin matsakaicin ɗan kasuwa sai ya kai dubbai. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ya rubuta cewa wuri dubu hamsin zuwa dubu sittin sun isa su riƙe iyali guda shekara ɗaya cikin wadata. Ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla na wuri miliyan 300.

Kafin ya iso Kano ya yada zango a Tasawa, wadda yanzu take cikin jihar Maraɗi, inda ya ga yadda ake ƙirga wurin. Biyar-biyar ake jan su da yatsu, a tara su tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu, sa'an nan a ɗure su a buhun tabarma mai cin dubu ashirin. Ya sa hannu an ƙirga wuri dubu ɗari biyar da shi, ya kuma bayyana aikin a matsayin jan aiki.

Wannan sana'a tana da kalmominta. Hauya ashirin ce, zangu ɗari, metan ɗari biyu, hamsaminya ɗari biyar. Idan an haura dubu sai a ɗauko zambar, wadda ke nufin dubbai: zambar goma dubu goma ke nan, zambar ɗari dubu ɗari, zambar dubu kuwa ita ce abin da muke kira miliyan a yau. Buhun nan na dubu ashirin shi ne keso.

A nan akwai abin lura. Fatake ba su damu da ƙirƙiro sabon suna ga kowane mataki na lamba ba. Idan adadi ya yi yawa sai su canza abin da suke ƙirgawa, su bar ƙirga wuri su koma ƙirga keso. Wuri miliyan 300 na Barth, a bakin Bakano na wancan zamani, keso dubu goma sha biyar ne, ko dala dubu ɗari da ashirin. Wannan dabara ba ta mutu ba. A Nijeriya jaka fam ɗari ce, da aka canza kuɗi a ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira ɗari biyu. A Nijar kuwa dala tana nufin sefa biyar, jika kuma sefa dubu. Ke nan tun a ƙananan kuɗi, kalma ɗaya tana da ƙima biyu a ɓangarorin iyaka biyu. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin abin da ya faru da manyan lambobi ba.

Tsanin da wani mutumin Faransa ya kafa

Kalmar miliyan daga Italiya ta fito. A harshensu sun ɗauki kalmar dubu suka ƙara mata ɗafin da ke nuna girma, ma'anarta ta zama babban dubu, kamar dai mu ce uwar dubu. Ta bazu tsakanin 'yan kasuwar biranen Italiya tun wajen ƙarni na 13 da na 14, daga nan ta shiga Faransanci da Ingilishi. Dubu sau dubu ce, ɗaya da sifili shida, kuma har yau babu ƙasar da ke jayayya a kanta. Daga abin da ke samanta ne rigima ta fara.

A 1475 wani Bafaranshe mai suna Jehan Adam ya yi amfani da kalmomi biyu da ya gina a kan miliyan don ya ambaci lambobin da suka fi ta. Shekara tara bayan haka, a 1484, Nicolas Chuquet, masanin lissafi da ke zaune a birnin Lyon, ya rubuta littafinsa mai suna Triparty, inda ya shimfiɗa tsarin gaba ɗaya. Ya raba doguwar lamba gida-gida, kowane gida da alƙaluma shida, ya ba kowane gida suna ta hanyar liƙa ƙidayar Latin a gaban wutsiyar miliyan: bi wato biyu, tiri wato uku, haka har zuwa tara.

Hikimar tsarin a bayyane take. Biliyan miliyan ce sau miliyan, miliyan biyu a jere, don haka sifilinta goma sha biyu. Tiriliyan miliyan ce sau miliyan sau miliyan, sifili goma sha takwas. Duk sunan da ka ji, ka ninka lambar da ke bakinsa sau shida, ka sami yawan sifilinsa. Suna da ma'ana sun dace.

Littafin Chuquet bai ga injin ɗab'i ba a rayuwarsa, sai a 1880 aka buga shi. Amma wani mutumin Lyon, Estienne de La Roche, ya kwashi babban ɓangarensa ya zuba a littafin lissafin da ya wallafa a 1520, ta nan sunayen suka fita duniya. Ingila ta karɓe su da ma'anarsu ta asali. A 1690 masanin falsafa John Locke ya jera su a littafinsa kan fahimtar ɗan Adam, da alƙaluma shida a kowane gida, kamar yadda Chuquet ya tsara.

Sai dai tsarin yana da giɓi. Tsakanin miliyan da biliyan ɗin Chuquet akwai tazara mai faɗi, kuma lambar da gwamnatoci da 'yan kasuwa suka fi saurin buƙata tana tsakiyar tazarar: miliyan dubu, ɗaya da sifili tara. Ba ta da suna nata. Kalmar miliyar, wadda ta bayyana a Faransanci a ƙarni na 16, ita ce daga baya ta zauna a wannan gurbi. Wannan ita ce kalmar da mai shayin Katabu ya gada.

Yadda tsanin ya rabu biyu

Daga ƙarni na 17 wasu masana lissafi a Faransa suka koma raba lamba da alƙaluma uku-uku maimakon shida-shida, domin ido ya fi saurin kama uku. Da suka yi haka sai suka ja sunayen suka bi sababbin gidajen. Gidan da ke bin miliyan ya zama biliyan, na gaba da shi tiriliyan. Biliyan ta faɗo daga sifili goma sha biyu zuwa tara, tiriliyan daga goma sha takwas zuwa goma sha biyu. Sunayen ba su canza ba, ƙimarsu ce ta ragu.

Wannan ne ya sa sunayen da muke amfani da su a Nijeriya ba su dace da ma'anarsu ba. Bi na nufin biyu, amma biliyan ɗinmu tana da rukunin sifili uku. Tiri na nufin uku, amma tiriliyan ɗinmu tana da huɗu. A sabon tsarin sai ka ninka lambar sau uku, ka ƙara uku, kafin ka sami yawan sifili. Wata masaniyar tarihin lissafi 'yar Faransa, Geneviève Guitel, ita ta raɗa wa tsarin biyu suna a 1975: na Chuquet dogon tsani, sabon kuma gajeren tsani. A dogon tsani kowane sabon suna yana ninka na baya sau miliyan, a gajere sau dubu.

Amurka ta ɗauki gajeren tsani daga Faransa, ta koyar da shi a makarantunta a ƙarni na 19. Birtaniya ta tsaya a kan dogo. Saboda haka har tsakiyar ƙarni na 20, mutumin Landan da mutumin New York suna faɗin biliyan da harshe ɗaya, amma na Landan yana nufin ninki dubu na abin da ɗan'uwansa ke nufi.

Daga nan sai aka yi musayar wuri. A 1948 babban taron ƙasa da ƙasa kan ma'aunai ya tattauna shawarar ƙasashen Turai su tsaya a kan dogon tsani, kuma a 1961 Faransa ta kafa doka ta koma kansa, ta bar tsarin da ita ce ta ƙirƙiro shi. Birtaniya kuma ta nufi inda Faransa ta baro. A ranar 20 ga Disamban 1974 Firayim Minista Harold Wilson ya amsa tambayar wani ɗan majalisa, Robin Maxwell-Hyslop, wanda ya nemi ministoci su riƙa amfani da biliyan da ma'anarta ta Birtaniya kawai. Wilson ya ƙi, ya ce kalmar ta riga ta zama miliyan dubu a mu'amalar duniya, kuma ministocinsa da wannan ma'ana za su riƙa faɗinta. Wato Faransa ta ƙirƙiri dogon tsani, ta ba Ingila, ta ƙirƙiri gajere, ta ba Amurka, ta koma dogo, sa'an nan Ingila ta bi Amurka zuwa gajere.

Wani misali daga tarihin kuɗi yana nuna girman bambancin. A ƙarshen mummunan hauhawar farashin da ya durƙusar da Jamus a 1923, babban bankinta ya buga takardar kuɗi ta mak biliyan ɗari, mai ɗauke da kwanan watan Fabrairun 1924. A Janairun 2009 Zimbabuwe ta fitar da takardar dala tiriliyan ɗari. Wanda ya ji sunayen zai ɗauka ta Zimbabuwe ta ninka ta Jamus sau dubu. Alhali adadi ɗaya ne a kan takardun biyu, ɗaya da sifili goma sha huɗu. Jamus da dogon tsani take ƙirga, Zimbabuwe da gajere.

Rabon gadon a ƙasar Hausa

Lokacin da Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, kasafinta bai kai inda wannan saɓani zai dame ta ba. Miliyan ta wadatar. A Nijeriya man fetur ne ya canza lissafi. Bayan tashin farashinsa a ƙarshen 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙaddamar da shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, a kan naira biliyan 30. Wannan ya zo daidai da lokacin da ita kanta Birtaniya ta miƙa wuya, ga shi kuma da dalar Amurka ake cinikin man. Biliyan ta shigo mana da ma'anarta ta Amurka, ba mu taɓa zama da ɗayar ba har ta kama bakin jama'a.

Duk da haka akwai sawun tsohon zamani a Hausar rediyo. Duk wanda ya tashi yana sauraron labarai ya saba jin "naira miliyan dubu biyar" a inda jarida za ta rubuta biliyan biyar. Wannan salo yana da fa'idar da ba a cika lura da ita ba: miliyan dubu miliyan dubu ce a kowane tsani, a kowace ƙasa. Ba ta da ma'ana biyu.

Nijar kuwa ta gaji miliyar daga Faransanci, kuma a aikace a nan ake tsayawa. Idan adadi ya haura miliyar dubu, ba a cika neman sabon suna ba, sai a ci gaba da ƙirga miliyar ɗin: miliyar dubu biyu, miliyar dubu uku. Dabarar masu keso ce ta dawo.

Sauran duniya ma haka take a rarrabe. Jamus da Italiya da Sifen da Fotugal suna kan dogon tsani. Burazil, wadda harshenta ɗaya da Fotugal, tana kan gajere. A Kanada, mai Ingilishi yana kan gajere, mai Faransanci yana kan dogo, a ƙasa ɗaya. Yawancin kafofin labaran Larabci, da Rasha da Turkiyya, sun haɗa biyun: suna cewa miliyar ga mai sifili tara, sa'an nan tiriliyan ga mai sifili goma sha biyu. Indiya kuma da tsaninta daban: lak dubu ɗari ne, kuror miliyan goma, har waƙafinsu ba a inda namu yake suke sa shi ba, domin miliyan goma a wurinsu 1,00,00,000 ake rubuta ta. Ɗan kasuwar da ke sayo magani ko injin daga Indiya ya san wannan, ko ya koye shi da asara.

Tarko uku

Na taɓa faɗawa ɗaya daga cikinsu. A farkon aikina na jarida an ba ni labarin wata kwangila a wata ƙasa mai amfani da Faransanci in mayar da shi Hausa. Na ga miliyar, idona ya karanta miliyan, na rubuta haka. Wani babba a ɗakin labarai ya tsayar da ni da tambaya guda: wace irin hanya ce ta ɗaruruwan kilomita za a gina da kuɗin da bai kai na gida ɗaya a unguwar masu hali ba? Ban manta kunyar ba. Wannan shi ne tarko na farko, kuma ya fi kama masu Hausa, domin tsakanin miliyan da miliyar harafi ɗaya ne a rubuce, a kunne kuma kusan babu bambanci, alhali a ƙima ninki dubu ne.

Tarko na biyu shi ne kalmar da ake gani a rubuce iri ɗaya a harsuna biyu. Idan ka ga billion a takardar Ingilishi, miliyan dubu ce. Idan ka gan ta a takardar Faransanci ta zamani, ko 'yar'uwarta a Jamusanci ko Sifaniyanci, miliyan miliyan ce, wato tiriliyan ɗinmu. Mai fassarar da ya kwafe ta yadda take ya rage kuɗin ko ya ƙara su sau dubu ba tare da ya taɓa alƙalami ko ɗaya ba.

Tarko na uku alamomin rubutu ne. A Ingilishi, da kuma Hausar Nijeriya, waƙafi ke raba dubbai, ɗigo kuma ya raba cikakkiyar lamba da ɓarinta. A Faransanci akasin haka ne: waƙafi ke nuna ɓari, dubbai kuma a raba su da ɗan fili, wasu kuma su sa ɗigo. Don haka kasafin Nijar na 2023 zai iya bayyana a allon wayarka a matsayin 3 291 milliards ko 3.291 milliards. Ɗan Nijeriya zai karanta na biyun a matsayin biliyan uku da 'yan kai, alhali biliyan dubu uku da ɗari biyu da casa'in da ɗaya ne.

Yadda ake kama kuskuren

Kurakuran nan uku suna da hali guda: duk ninki dubu suke yi, sama ko ƙasa. Ba sa yin ninki biyu ko goma. Wannan ne ya sa kama su ke da sauƙi, muddin mutum ya raba adadin da wani abu da ya sani.

Mu gwada da kasafin Nijar. Al'ummar ƙasar a 2023 sun kai kimanin miliyan 26. Idan ka raba sefa miliyar 3,291 da miliyan 26, kowane mutum zai tashi da kusan sefa 126,600 a shekara, wato jika ɗari da ashirin da shida da 'yan kai. Kuɗi ne kaɗan, amma ya yi kama da kasafin ƙasa mai ƙaramin ƙarfi. Idan da ka karanta shi a matsayin miliyar uku da ɗigo, rabon kowa zai zama sefa 127 a shekara, kuɗin da ba zai sayi kwanon abinci ba, balle ya biya malamai da sojoji. Idan kuma ka yi kuskuren ta sama, kowane ɗan Nijar zai tashi da sefa miliyan 126, abin da babu ƙasar da ke kashewa a duniya. A cikin amsoshin uku ɗaya ce kawai hankali zai ɗauka.

Akwai gwaji na biyu ga sefa, domin ƙimarta a ɗaure take da yuro: sefa 655.957 ita ce yuro ɗaya. Miliyar 3,291 ta zama yuro biliyan biyar da ɗan kai, miliyar 1,981 kuma yuro biliyan uku. Abin da aka zabtare ke nan kusan yuro biliyan biyu. Da wannan mai karatu zai iya kwatanta shi da kowane adadi na duniya.

Yanzu mu juyo gida. Kasafin Nijeriya na 2025, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a ƙarshen Fabrairun shekarar, naira tiriliyan 54.99 ne. A cikakken rubutu 54,990,000,000,000 ke nan. Hanyar karanta irin wannan lamba ita ce a ƙirga waƙafi, ba sifili ba. Waƙafi ɗaya dubu, biyu miliyan, uku biliyan, huɗu tiriliyan. A nan huɗu ne, don haka gidan farko tiriliyan ne, na biyu biliyan: naira tiriliyan hamsin da huɗu da biliyan ɗari tara da casa'in. Mai shayin Katabu zai ce miliyar dubu hamsin da huɗu da ɗari tara da casa'in. Bajamushe zai ce biliyan 54.99, kuma a tsaninsa bai yi ƙarya ba.

A lura da abin da ke bayan ɗigo. Alƙaluma biyun nan, 99, naira biliyan 990 ne. Idan mai gabatar da labarai ya taƙaita ya ce tiriliyan 55, ya ƙara naira biliyan goma a cikin numfashi ɗaya. Idan ya ce tiriliyan 54, ya zubar da kusan tiriliyan guda. A matakin tiriliyan, kowane 0.01 biliyan goma ne. Idan aka raba kasafin da mutum miliyan 220, kowa zai tashi da kusan naira 250,000 a shekara. Wannan shi ne adadin da ya kamata a riƙe a zuci idan ana muhawarar ko kasafin ya yi yawa ko ya yi kaɗan, domin shi ne mutum zai iya aunawa da kuɗin makarantar ɗansa.

Wanda yake son ya ji nauyin sunayen a hannunsa ya ɗauki takardar naira dubu, wadda ita ce mafi girma tun fitowarta a 2005. Rafa ɗaya takarda ɗari ce, naira dubu ɗari. Miliyan rafa goma ce, za ta shiga leda. Biliyan rafa dubu goma ce, takarda miliyan ɗaya, kuma idan mutum yana ƙirga takarda ɗaya a kowace daƙiƙa ba barci ba hutu, zai yi kwana goma sha ɗaya da rabi. Tiriliyan takarda biliyan ɗaya ce, kuma ƙirga ta a wannan sauri zai ci kusan shekara talatin da biyu. Kalmomin uku suna da amo iri ɗaya a kunne, amma tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin mintuna goma sha bakwai, da mako biyu ba kaɗan, da rabin rayuwar mutum.

Ita ma Hausa tana da nata ɗan tarkon, wanda ba Turawa suka kawo shi ba. Idan aka ce "dubu ɗari da biyar", ana iya nufin 105,000, ana iya nufin 100,005. A kasuwa ana warware wannan da maimaita sunan: dubu ɗari da dubu biyar. A manyan lambobi maimaitawar ta zama tilas. "Tiriliyan biyu da ɗari uku" ba ta gaya wa mai sauraro komai ba sai an ce biliyan ɗari uku ko miliyan ɗari uku. Ga mai rubutu kuwa, abin da ya fi aminci shi ne ya rubuta adadin da cikakkun alƙalumansa sau ɗaya a farkon labari, idan kuma labarin zai tsallaka iyaka ya haɗa sunayen biyu: biliyan, wato miliyar, wato miliyan dubu.

Bayan 'yan kwanaki na koma teburin shayin da takarda da biro. Na rubuta uku, biyu, tara, ɗaya, na jera musu sifili tara a baya, na miƙa wa dattijon. Ya sa yatsa ya rufe sifili taran, ya karanta abin da ya rage: dubu uku da ɗari biyu da casa'in da ɗaya, miliyar. Na ƙirga waƙafi huɗu na ce tiriliyan uku da biliyan ɗari biyu da casa'in da ɗaya. Ya ɗan yi shiru yana duban takardar, sa'an nan ya tambaye ni nawa ne rabon mutum ɗaya. Da na ce jika ɗari da ashirin da shida a da, yanzu kuma bayan ragin wajen jika saba'in da shida, sai ya gyaɗa kai ya ce to yanzu ya ji labarin. Ya zuba mini shayi, ya ƙara sautin rediyonsa.